Ɗalibi ba matafiyi ba ne: abin da muka faɗa wa yaranmu na jami'a game da salla



Kafin a koma makaranta, mun tara yaranmu da ke karatu a jami'o'in nan Ibadan da maƙwabtanta. Akwai waɗanda aka haifa a nan, akwai kuma waɗanda iyayensu suka turo daga Arewa suka ce mu sa musu ido. Da muke shirya zaman, wasu daga cikin dattawanmu sun so a yi wa yaran nasiha a kan miyagun abokai, shaye-shaye da masu ruɗa mutane da aƙidoji. Ba mu raina wannan ba. Amma mun roƙi a ware zaman gaba ɗaya ga abu guda, wato salla a kan lokacinta. Muna so mu bayyana dalilinmu a nan, domin iyayen da ba su halarta ba su san abin da aka faɗa wa 'ya'yansu.

A shekarun da muka yi muna karɓar ɗalibai, ba mu cika ganin yaron da ya bar addininsa don wani ya kayar da shi a muhawara ba. Abin da muka fi gani shi ne yaron da jadawalin lacca ya cinye masa Azahar, sai La'asar ta bi, bayan wata biyu kuma ya saba tara salloli ya zuba su da dare. A gida ladan ne ke tsara masa yini, uwa na tashinsa da asuba, uba na tambaya ko ya je masallaci. A makaranta babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Don haka ra'ayinmu shi ne, duk mai son ya taimaki ɗalibi ya riƙe addininsa, ya ce masa ya kawo jadawalinsa su zauna a kai.

Mun fara da wani kuskure da ya yaɗu a tsakanin yaran. Da yawansu sun ɗauka tunda sun yi nisa da gida, to su matafiya ne har su gama digiri. Suna yin kasaru, suna mayar da raka'a huɗu biyu, suna haɗa salloli yadda suka ga dama. Limaminmu ya zauna da su ya warware wannan. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kanta, wadda ake karantarwa daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala, kasaru na mai tafiya ne da nisan tafiyarsa ya kai mil 48, wato kilomita 80 ko kusa da haka. Da zarar ya isa wani gari ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika sallarsa. Hanafawa ma, da suka fi faɗaɗawa a wannan, sun tsaya a kwana 15. Zangon karatu ɗaya kuwa ya haura wata uku. Yaron da ya biya kuɗin ɗaki, ya yi rajistar kwasa-kwasai, ya sayi risho da tukunya, ya riga ya yi niyyar zama.

Wani daga cikin ɗaliban ya ce ya ji wani malami a waya yana cewa ɗalibi zai iya kasaru muddin bai mayar da garin mazauninsa ba. Gaskiya ne akwai malaman da suka tafi a kan haka, ba mu ɓoye musu ba. Amma ba shi ne abin da mazhabobi huɗu suka tafi a kai ba. Kuma ko waɗannan malaman ba su ce a tara Azahar da La'asar da Magariba a yi su ƙarfe goma na dare ba. Babu mazhabar da ta yarda a fitar da sallar rana zuwa dare da gangan. Rangwamen tafiya yana nan a inda ya dace: ranar da ka hau mota daga Kano zuwa Ibadan, kai matafiyi ne, ka yi kasarunka, ka haɗa Azahar da La'asar idan direba ba zai tsaya ba. Ranar da ka sauke jaka a ɗakinka, ka koma raka'a huɗu.

Abu na biyu shi ne sanin lokaci a garin da kake. Najeriya duka agogo ɗaya muke bi, amma rana ba ta karkata a lokaci ɗaya a ko'ina. Ibadan na yamma da Kano, don haka Azahar na shiga a nan bayan ta Kano da kusan minti 18, bayan ta Maiduguri kuma da fiye da rabin awa. Yaron da ya zo da kalandar salla ta masallacin unguwarsu, ko wayarsa take saite a kan garinsu, zai iya yin Azahar kafin lokacinta, ya kuma sha ruwa a azumi rana ba ta faɗi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sallar da aka yi kafin lokaci sai an sake ta.

Ga yadda lokutan suke a nan Ibadan, a kimance. Azahar na shiga tsakanin 12:30 da 1:00 na rana: ta fi saurin shiga a farkon Nuwamba, ta fi jinkiri a tsakiyar Fabrairu. La'asar na shiga tsakanin 3:45 da 4:20. Rana na faɗuwa wajen 6:25 a Nuwamba, ta kai bayan 7:00 kaɗan a Yuli. Waɗanda ke Legas ko Abeokuta lokutansu na kusa da waɗannan, amma na Inugu ko Fatakwal su nemi na garinsu, domin suna gabas da mu.

Sannan kowace salla tana da faɗi, ba minti ɗaya ba ce. Malamanmu sun kasa lokacin gida biyu. Akwai muhtari, wanda mutum ke da zaɓin yin salla a farkonsa ko tsakiyarsa ko ƙarshensa ba tare da laifi ba. Akwai kuma laruri, wanda aka bar wa mai uzuri, kamar wanda barci ya kwashe ko ya manta. Muhtarin Azahar na tafiya tun daga karkatar rana har shigar La'asar, kusan awa uku ke nan ko fiye. Muhtarin La'asar na tafiya har hasken rana ya fara yin fatsi-fatsi. Isha tana kai wa sulusin dare na farko. Magariba ce mai ƙunci. Wanda ya san wannan zai ga cewa yawancin abin da yake kira karo tsakanin lacca da salla ba karo ba ne, rashin lissafi ne.

Domin kada maganar ta tsaya a baki, mun ɗauki jadawalin wani yaro ɗan Kano da ke aji biyu a fannin kimiyya, da izininsa, muka bi shi a gaban kowa. Shi da kansa ya ce ranar Talata ce ke kayar da shi. Yana da lacca daga 12:00 zuwa 2:00, sannan ya shiga ɗakin gwaje-gwaje daga 2:00 zuwa 5:00. A ganinsa babu inda Azahar za ta shiga, don haka yakan bar ta sai ya fito ƙarfe biyar. Daga nan yunwa ta kai shi wurin abinci, sai a kira Magariba bai yi ko ɗaya ba.

Muka tambaye shi, ƙarfe nawa laccar ke tashi a zahiri? Ya ce yawanci biyu saura minti goma. Tafiya zuwa ɗakin gwajin fa? Minti uku. Raka'a huɗu da natsuwa ba ta wuce minti biyar zuwa shida. Ashe lokacin yana nan, abin da ke cinye shi alwala ce da zuwa masallaci, wanda ke da nisan tafiyar minti goma sha biyar daga sashensu. Maganin sai ya zama abu biyu masu sauƙi. Na farko, ya yi alwala kafin ya shiga laccar sha biyu, ya riƙe ta. Na biyu, ya sa ƙaramar darduma mai naɗewa a jakarsa, ya nemi wuri mai tsabta kusa da ajin, ko ƙarƙashin bishiya ko ƙarshen baranda inda ba zai tare hanya ba. Sallar jam'i a masallaci ta fi lada, babu musu. Amma sallar mutum ɗaya a cikin lokaci ta fi jiran jam'in da ba zai samu ba. Idan kuwa su biyu ne ko uku a ajin, sun sami jam'insu.

La'asar ta wannan rana ba ta da matsala ko kaɗan. Ya fito ƙarfe biyar, rana ba za ta faɗi ba sai bayan 6:20 ko a watan da ta fi saurin faɗuwa. Yana cikin muhtari. Sharaɗin kawai shi ne ya yi ta kafin ya nufi wurin abinci. A nan ne yawanci ake faɗuwa, a wannan "bari in ci abinci tukuna".

Ranar Alhamis kuma yana da darasi daga 5:00 zuwa 7:00 na yamma. A watan Yuli wannan ba komai, domin yana fitowa ana kiran Magariba. A Nuwamba kuwa rana ta faɗi tun 6:25. A nan limaminmu ya ce masa abu biyu. Idan malamin ajin mai sauƙin kai ne, ya zauna kusa da ƙofa da alwalarsa, ya fita minti biyar ya dawo. Idan hakan ba zai yiwu ba, akwai maganar malamai mai ƙarfi, a cikin mazhabarmu ma, cewa lokacin Magariba na kaiwa har jan shafaƙi ya ɓace, wanda a nan yakan ɗauki awa ɗaya da 'yan mintuna bayan faɗuwar rana. Don haka idan ya fito ƙarfe bakwai ya tsaya nan take ya yi ta, ya same ta. Idan ya ce sai ya hau mota ya koma ɗaki, ta wuce shi.

Sai jarrabawa, wadda ita ce ta fi tayar wa yara hankali. Mu ɗauka an sa takarda daga 1:00 zuwa 4:00, kuma ana so kowa ya zauna kafin a fara. Amsar ta danganta da watan. Idan a Nuwamba ne, Azahar ta shiga tun wajen 12:30, sai ya yi ta a bakin zauren kafin ya shiga, domin idan ya bari sai ya fito, La'asar ta riga ta shiga tun kafin 4:00. Idan a Fabrairu ne, Azahar ba ta shiga ba sai dab da 1:00, lokacin yana zaune an raba takarda. Amma a watan La'asar ma ba ta shiga sai wajen 4:15. Yana fitowa sai ya yi Azahar a ƙarshen lokacinta, ya ɗan jira, ya yi La'asar a farkon nata. Malamai na kiran wannan jam'i na sura: a ido kamar an haɗa, amma kowace salla ta faɗa cikin lokacinta. Abin da zai lalata wannan tsari shi ne tsayawa a ƙofar zaure ana tambayar juna amsar lamba ta uku.

Mun san akwai ranar da duk lissafin nan zai gaza, kamar ɗalibin likitanci da ya shiga ɗakin tiyata aka daɗe. Akwai hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim da ke nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa haɗa salloli a Madina ba don tsoro ko tafiya ba, domin kada a ƙuntata wa al'umma. Malamai sun yi saɓani a kan fassararsa, kuma waɗanda suka yi aiki da shi don buƙata sun sa sharaɗin kada ya zama al'ada. Mai irin wannan hali ya je ya zauna da malami ya faɗi yanayinsa dalla-dalla. Haka ma wanda ya daɗe yana kasaru a makaranta bisa rashin sani, ya tambayi yadda zai yi da sallolin baya. Mu a ƙungiya ba masu fatawa ba ne, amma mun san inda za mu kai shi.

Game da Juma'a, ta wajaba a kan ɗalibi namiji baligi da ke zaune a gari, ko da ba ɗan garin ba ne. Idan an sa lacca ko gwaji a lokacinta, kuskuren da yaranmu ke yi iri biyu ne. Wani ya yi shiru ya rasa Juma'a mako bayan mako. Wani kuma ya bari sai ranar gwajin ya tashi yana faɗa da malami a gaban aji. Duka biyun ba su da amfani. Lokacin magana shi ne makon farko, sa'ad da jadawali bai gama zama ba, ana ta gyara shi saboda kwasa-kwasan da suka yi karo. A je wurin wakilin aji, a haɗa sunayen duk waɗanda abin ya shafa, a rubuta takarda cikin ladabi zuwa ga mai tsara jadawali na sashe, a kuma kawo shawarar wani lokacin da ajin ba shi da komai. Malamin da aka kawo wa mafita ya fi saurin amincewa a kan wanda aka kawo wa ƙorafi. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, amma wannan ba shi ne abin da za a fara buɗe baki da shi ba.

A irin wannan ne ake gane amfanin shiga cikin 'yan'uwa. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSSN, a Legas aka kafa ta a 1954, kuma ta daɗe da rassa a jami'o'in Kudu maso Yamma. Sun san malaman da za a yi wa magana, sun san yadda aka warware irin wannan a baya. Amma sai ka ga yaronmu ya ƙi zuwa masallacin makaranta, wai huɗuba da Turanci ko Yarbanci ake yi, ko wai salon sallarsu ya bambanta da na gida. Mun faɗa musu a fili cewa wannan ba hujja ba ce. Sakin hannu ko kama shi, bayyana bisimilla ko ɓoye ta, duk ba sa ɓata salla a bayan liman. Yarbawa sun karɓi Musulunci ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma kakanninmu da suka zo fataucin goro da shanu sun yi salla da su sahu ɗaya. Yaron da ya ware kansa don yana jiran masallacin Hausawa, ƙarshenta shi kaɗai zai rage a ɗaki, kuma wanda ya rage shi kaɗai shi ne ya fi saurin sakaci.

'Yan matanmu sun kawo nasu ƙorafin, kuma yana da nauyi. Namiji zai shimfiɗa darduma a ko'ina, mace kuwa tana buƙatar wurin da za ta yi alwala a suturce, ga banɗakunan makaranta sau da yawa babu ruwa. Shawarar da manyansu suka ba su ita ce riƙe alwala tun daga ɗaki, ɗaukar gorar ruwa a jaka, da kuma haɗa kai su biyu ko uku su nemi ajin da babu kowa ko ofishin wata malama Musulma. Mu ma mun ɗauki alkawarin taimakawa da butoci da tabarmi a ɓangaren mata na wuraren sallar da ke kusa da sassansu, gwargwadon abin da asusunmu zai iya.

Wani dattijo ya ce mana bayan taron, yanzu duk imanin yaro sai a mayar da shi lissafin minti? Muna girmama wannan tambaya. Imani a zuciya yake, kuma mai salla ma yana iya satar amsa ko ya ci amanar iyayensa. Ba mu ce salla a kan lokaci ta gama komai ba. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, yaron da ke tsayawa sau biyar a yini yana da wurin da ake ganinsa, yana da mutanen da za su tambaya idan ya ɓace kwana biyu. Wanda ya saki wannan kuwa, duk sauran abin da dattawanmu ke tsoro yakan same shi ba wanda ya sani. Shi ya sa muka fara daga nan.

Iyaye, ga naku. Idan kun kira yaro, bayan tambayar kuɗi da lafiya, ku tambaye shi ƙarfe nawa ake Azahar a garin da yake, kuma a ina yake yin ta ranar da laccarsa ta fi yawa. Wanda ke yi zai amsa nan take, har ya faɗa muku bishiyar da yake shimfiɗa darduma a ƙarƙashinta. Wanda ya fara inda-inda, kada a rufe shi da faɗa a waya, domin faɗa zai koya masa ƙarya ne kawai. A turo mana shi.

Ɗalibai kuma, da zarar jadawalin wannan zangon ya fito, kowa ya ɗauki biro ya rubuta lokutan salla na garinsa a gefensa, ya zagaye ranakun da ya ga matsi. Wanda ya rasa yadda zai yi da wata rana, ya kawo takardar ofishin ƙungiya ranar Lahadi bayan La'asar, za mu zauna da shi tare da liman mu duba.

Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya tsare musu sallarsu, Ya mayar da su gida lafiya. Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni.